Cigiyar kyanwa mai jego: buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai Unguwa da maƙwabtanmu na Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Mai Unguwa, Allah gafarta malamanmu limaman masallatan lungu, iyayenmu mata na cikin gidaje, 'yan kasuwa masu mangaza, da ku samari da 'yan mata da jikokina na wannan ɓangare na Birni, ina gaishe ku da sanyin nan, ina kuma neman ku ba ni aron kunnuwanku da makullanku.

Cigiya nake yi. Abin da nake cigiya ba rago ba ne, ba akuya ba ce, kyanwa ce, wadda wasunmu ke kira mussa. Na san akwai wanda zai karanta wannan ya yi murmushi ya ce dattijo da furfurarsa ya rasa abin yi sai cigiyar mage. Ban ga laifinsa ba. Amma kyanwar nan jego take yi. Ta bar 'ya'ya huɗu a cikin wani tsohon kwando a ɗakin girkinmu, yau kwanansu 12 a duniya, idanunsu ba su daɗe da buɗewa ba. Tun daren Laraba bayan sallar isha ba mu sake ganinta ba, ga shi yau Asabar. Ni kuwa na yi shekaru ina aikin malamin dabbobi kafin in yi ritaya, kuma abin da aikin ya koya mini shi ne kyanwa mai shayarwa ba ta tafiya yawo ta kwana uku. Tana fita ta yi farauta ko ta sha ruwa, cikin awa ɗaya ko biyu ta dawo, domin nonon da ya taru yana damunta, kukan 'ya'yan kuma yana janta. Idan ba ta dawo ba, to wani abu ne ya hana ta. Zatona mafi ƙarfi shi ne tana nan kusa da mu, a bayan wata ƙofa da aka kulle ba a san tana ciki ba.

Bari in fara da kamanninta, don kada a yi ta kawo mini kuliyoyin mutane. Jiya kaɗai an kawo mini biyu, ɗaya ma muzuru ne ƙato, yaron da ya riƙo shi duk ya sha yakushi, na wanke masa hannu na tura shi asibiti.

A gida muna kiranta Tozali. Sunan ya samo asali daga wani baƙin zane da ya kewaye idonta na dama, kamar an ranbaɗa mata kwalli a ido ɗaya an manta ɗayan. In na ce dama, damarta nake nufi. Kai da kake fuskantarta za ka gan shi a hagunka. Launinta uku ne: ciki da ƙirji da wuya farare, baya kuma faci-faci ne na baƙi da ja irin jan goro. Wannan kaɗai ya isa ya rage muku wahala, domin kyanwa mai launi uku irin wannan kusan kullum mace ce, da wuya ƙwarai a samu namiji a cikinsu. Saboda haka duk wanda ya ga muzuru mai faɗin kumatu, ya bar shi ya yi tafiyarsa. Shekarunta uku, ba ta da jiki, nauyinta bai fi kilo 3 ba, kuma jego ya ƙara ramar da ita, har ana ganin ƙashin kwankwasonta idan tana tafiya.

Alamomin da ba sa ɓata su ne uku. Kunnenta na hagu a tsage yake daga sama, tsagar kamar faɗin ƙwayar wake, tun wani faɗa da ta yi bara. Ƙarshen jelarta a lanƙwashe yake kamar ƙugiya, haka aka haife ta. Ko a duhu ka shafa za ka ji ƙullin. Sannan ƙafafunta uku farare ne, ta baya ta dama ce kaɗai baƙa har zuwa dagi. Ga kuma alamar jego: nonuwanta sun fito, gashin da ke kewaye da su ya zube saboda tsotso, kuma yanzu da ta kwana uku ba a sha ba za su kumbura su yi tauri. Jikata ta ɗaura mata jan zare a wuya, amma kada a dogara da shi, zare ne sako-sako wanda na sa aka yi hakan da gangan don kada ya shaƙe ta idan ya maƙale a ƙaya, ƙila tuni ya faɗi.

Akwai wata mai kama da ita da ke zama wajen mahautan da ke bakin hanya, mai launi uku ita ma. Mutane huɗu sun riga sun aiko mini cewa sun ga Tozali a can. Na je na duba. Waccan jelarta miƙaƙƙiya ce, kunnuwanta lafiya lau, kuma ba ta shayarwa. Na gode wa waɗanda suka aiko, amma a duba jela kafin a taso yaro.

Yanzu ga yadda abin ya faru, gwargwadon abin da na iya haɗawa daga bakin mutanen gida da maƙwabta.

Ranar Laraba da magariba ta shayar da 'ya'yanta, uwargida ta zuba mata sauran tuwo da ɗan kan kifi. Bayan isha jikata ta gan ta ta hau katangar bayan gida ta bi ta kan soron maƙwabcinmu, ta nufi gabas, wajen lungun da ke fita zuwa ga duwatsu. Wannan hanyarta ce ta kullum, ba wanda ya damu. Mai shayin da ke bakin lungun ya ce ya gan ta wajen ƙarfe tara tana laɓe a gindin wata ƙofa, irin laɓewar da suke yi idan sun ji motsin ɓera. Daga nan ba wanda ya ƙara ganinta. To ku tuna wane dare ne wannan. Daren Laraba ne, jajibirin kasuwar Alhamis. A daren ne masu hatsi ke buɗe mangaza suna fitar da buhunan gero da wake da gyaɗa da za a kai Kasuwar Dole da sassafe. An ɗaga buhu, ɓeraye sun watse, kyanwa ta kutsa ciki tana binsu, masu dako sun gama lodi, an ja ƙofa an sa kwaɗo. Ba wanda ya yi laifi a nan. Kyanwa ba ta sallama idan za ta shiga, kuma idan ta ji hayaniyar mutane sai ta ƙara shigewa bayan buhu ta yi tsit. Mai mangaza kuwa, idan ya sayar da abin da ya kai, ba shi da dalilin sake buɗewa sai wata Laraba.

Wata Laraba ta yi nisa. Kyanwa tana iya jure yunwa sama da mako guda, amma ƙishirwa ba ta ɗaga ƙafa haka. Kwana uku zuwa huɗu ba ruwa, ƙoda ta fara gazawa, mai shayarwa kuma ta fi saurin bushewa tunda jikinta yana ta ƙoƙarin yin nono. Abin da ke taimakonmu shi ne lokacin hunturu ne. Da a watan Afrilu ne, cikin ɗakin kwano a rufe da zafin Damagaram, da ban ma rubuta wannan takarda ba. Idan ta samu ɓera ɗaya ko biyu ta ci, akwai ɗan ruwa a jikinsu da zai ƙara mata kwana. Duk da haka lissafina bai wuce yau da gobe da jibi ba. Shi ya sa nake roƙon a duba yau, kada a bari sai an samu sarari.

Inda nake roƙon a duba ba shi da faɗi. Wani bincike da masana na jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya suka fitar a 2018, a kan kuliyoyi fiye da 1,000 da suka ɓata, ya nuna kashi 75 cikin 100 na waɗanda aka gano an same su ne cikin mita 500 daga inda suka ɓace, kuma abin da ya fi taimakawa shi ne mutum ya taka da ƙafarsa ya leƙa lungu-lungu. Garuruwansu ba irin namu ba ne, amma halin kyanwa ɗaya ne ko'ina, kuma abin da na gani da idona a shekarun aikina bai saɓa da wannan ba. Mita 500 kuwa taku ne kamar 700 na babban mutum, tafiyar minti bakwai. A Birni, inda gida ke jingine da gida kuma soro ke haɗe da soro, wannan da'irar ta ƙunshi gidaje masu yawa da ba zan iya shiga ba. Ni namiji ne, ba zan kutsa cikin gidajen mutane ina ɗaga tabarmi ba. Shi ya sa na kawo kukana gare ku.

Alhazai masu mangaza da shaguna, ku ne farkon waɗanda nake roƙo. Duk wanda ya buɗe ɗakin ajiyarsa tsakanin la'asar ɗin Laraba da asubahin Alhamis ya kulle, don Allah ya koma ya buɗe. Amma buɗewa a leƙa a ce "mus-mus" a ji shiru a rufe ba dubawa ba ce. Kyanwar da ta firgita ba ta amsa kira, ko na mai ita, balle na baƙo. Takan kwanta ta yi lamo a wuri mafi ƙunci, tana kallonka kana kallon duhu. Hanci ya fi kunne amfani a nan: ɗakin da kyanwa ta kwana uku a kulle zai yi zarnin fitsarinta, kuma wannan wari ne da ba ya ɓuya. A duba ƙasan ƙofa daga ciki ko akwai sawun karce, a duba ƙura ko garin da ya zube ko akwai sawun dagi, a duba ko an tona wani buhu ko tarin ƙaiƙayi an yi kashi an rufe. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, abin yi mai sauƙi ne: a ajiye ruwa a ƙaramin kwano daga bakin ƙofa, a bar ƙofar a buɗe kamar tafin hannu biyu, kowa ya ja da baya ya yi shiru na rabin awa. Mai jego da ta ga hanya ba ta buƙatar rakiya, ta san gida.

Wanda zai duba da dare ya fi sa'a. A kashe fitilar ɗakin, a riƙe tocila daidai da ido, a haska a hankali ƙasa-ƙasa, bayan buhuna, ƙarƙashin katakon da ake jera kaya, da tsakanin azara da rufi. Idon kyanwa yana mayar da haske, za ka ga ɗigo biyu kore-kore suna walƙiya ko da jikinta duk a ɓoye yake. Hasken wayar hannu ma yana yi, in dai an riƙe ta kusa da fuska. Idan aka riƙe ta ƙasa wajen cinya, hasken da ya dawo ba ya faɗowa a idonka.

Iyayenmu mata, naku ya fi yawa, domin ku kuka san ciki da bai na gidajenku. Akwai ɗakin da mai shi ya yi tafiya aka kulle, akwai ɗakin amaryar da aka jera wa kaya ba a tare ba tukuna, akwai rumbu da aka ɗebi hatsi aka mayar da murfi. Sannan ga abin da ya fi ba ni tsoro, wanda kuma matsalar ruwan garin nan ta jawo mana: kowane gida cike yake da tanno da manyan randuna na tara ruwa. Tannon da babu komai a ciki tarko ne, kyanwa ta leƙa neman ruwa ta zame, bangon ƙarfe ko roba ba wurin kafa farce. In da ruwa rabi a ciki kuwa, abin ya fi muni. Don Allah a ɗaga murfin kowane ɗaya a leƙa. Haka tsohuwar rijiyar da ta ƙafe aka rufe da langalanga, da ramin masai da aka haƙa ba a gama ba, da ramin da aka ɗebi ƙasar gini. Idan aka same ta a rami mai zurfi, kada a zura yaro. A jingina dogon itace ko azara a karkace, a naɗe shi da tsohon buhu ko tabarma don farce ya kama, a bar wurin. In ba ta da ƙarfin hawa, a zura kwando da igiya da ɗan kifi a ciki, ko a aiko a kira ni.

Akwai zato na biyu, kuma ina fatan ba shi ba ne. Da sanyin nan kuliyoyi suna shiga ƙarƙashin motar da aka kashe ba da jimawa ba, su hau su kwanta kusa da inji don ɗumi, wasu kuma su shige cikin kayan da aka loda aka rufe da tamfol. A daren Laraba akwai kamyo ɗaya da amalanke biyu da suka kwana da kaya a bakin lungunmu. Idan ta shiga ɗaya daga ciki, to ta sauka a Kasuwar Dole ko ma ta wuce, wajen Mirya ko hanyar Magarya ko ta Tanut. Direbobi da yaran mota da masu amalanke, in wani ya ga kyanwa ta yi tsalle ta fita daga kayansa ranar Alhamis, ya gaya mini a ina ne, ko da bai lura da launinta ba. Wurin da ta sauka shi ne sabon tsakiyar da'irar da zan bincika, domin kyanwar da aka kai baƙon wuri ba ta yin nisa, takan nemi maɓoya mafi kusa ta shige. Masu kifi da mahauta da 'yan tireda na cikin kasuwa, ku ma ku sa ido da sassafe da kuma bayan an watse. Kuma ko ba don Tozali ba, duk mai mota ya riƙa bubbuga murfin inji da hannu kafin ya tayar da safe a watannin nan. Na sha ganin abin da bel ɗin inji ke yi musu, ba abin da zan kwatanta a takarda ba ne.

Zato na uku shi ne guba. Ban zargi kowa ba. Bayan kaka kowa yana kare hatsinsa, kuma ana sayar da maganin ɓera a kowane teburi. Amma ɓeran da ya ci guba ya fi sauƙin kamawa, kuma kyanwar da ta ci shi tana iya kamuwa. Wani irin maganin yana sa dalalar da miyau da karkarwa cikin 'yan awoyi, wani kuma yana tsinka jini, sai bayan kwana uku zuwa biyar a ga dabba ta yi laushi, dasashinta ya yi fari, wani lokaci jini na fita ta hanci. Irin na biyun yana da magani idan aka yi sauri. Saboda haka wanda ya zuba maganin ɓera a makon nan ya gaya mini, ya kuma nuna mini takardar ko kwalbar, ba don rigima ba, don in san abin da zan nema a kantin maganin dabbobi. Kyanwa marar lafiya ko mai rauni takan ja jiki ta shige wuri mai duhu kusa da inda abin ya same ta: ƙarƙashin tarin itace, cikin kangon gida, ko cikin tsagar duwatsun nan namu.

Zancen duwatsu ya kawo ni gare ku, jikokina. Babu wanda ya san ramukan duwatsun Birni kamar ku, kun fi ni ido kun fi ni ƙafa. Amma ku ji sharaɗina. Kada ku tafi a gayya kuna ihu, kada ku ɗauki gwafa ko danƙo, kada ku tafi da kare, kuma kada kowa ya zura hannu a rami, saboda kunama da maciji ma can suke fakewa. Mutum biyu sun isa, bayan an taso daga makarantar allo da safe ko kafin magariba. Wanda ya gan ta ya tsaya daga nesa ya sa mata ido, ɗayan ya rugo ya kira ni. Wanda ya bi ta da gudu ya kore ta daga inda na san zan same ta zuwa inda ban sani ba. Tukwicin na wanda ya nuna mini wurin ne, wanda ya kamo ta da ƙarfi ba shi da ko dala.

Idan ta kai ga sai an ɗauke ta, misali an same ta kwance ba ta iya tashi, babba ne zai yi. A lulluɓe ta da zane mai kauri ko bargo har kai, a tattaro ta gaba ɗaya, a sa a kwali mai huji ko kwando mai murfi. Kada a ɗaure ta da igiya a wuya ko a ƙafa, kada a sa ta a buhun leda. A gida Tozali kyanwar Lami ce, ba cizo ba yakushi, jikata har goya ta take yi. Amma dabbar da ke jin ciwo ba ta san mai taimakonta ba. Duk wanda kyanwa ta ciza ko ta yakushe har jini ya fito, wannan ko wata, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ba a kare kaɗai yake ba, kyanwa ma tana ɗauka, kuma idan alamunsa suka bayyana a jikin mutum babu magani. Tozali na yi mata allurar rigakafi da hannuna, amma wanda aka ciza a duhu bai san wace kyanwa ce ta cije shi ba.

Abin da za a ba ta kafin in iso ruwa ne kawai, kaɗan-kaɗan, ta sha da kanta, kada a ɗura mata. In ta nuna tana son ci, ɗan kifi ko nama dafaffe kamar cokali biyu ya isa. Cikin da ya kwana uku a wofi idan aka cika shi lokaci ɗaya amai zai biyo baya. Kada a ba ta madarar gwangwani ko ta gari, zawo take sa su, zawo kuwa a kan ƙishirwa ƙarin bushewa ne. Babban roƙona a nan shi ne kada wani ya ji tausayinta ya ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya da ke sauke wa ɗan Adam zazzaɓi tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya narkar da shi. Haka kuma kada a fesa mata maganin sauro ko a yi mata wanka da maganin kaskar shanu don an ga ƙuma a jikinta.

Na san akwai zato na huɗu da mutane ke raɗa, wato wani ya gan ta ya so ta ya ajiye, tunda ta yi suna wajen kamun ɓera. In haka ne, ba zan kira shi ɓarawo ba, kyanwa ba ta da shaida a goshi. Ya sake ta da dare kawai, ba sai ya zo ya yi bayani ba. In ya yi haƙuri wata biyu, 'ya'yan nan huɗu za su isa yaye, zan ba shi wanda ya zaɓa. Wanda kuma ta taɓa yi wa ɓarna, ta ɗauke ɗan tsako ko ta buɗe tukunya, ya zo in biya shi, ban musanta ba tana iya yi. Malamai sun fi ni sanin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Ban kawo shi don in tsorata wani ba, tunda wanda ya kulle ƙofa bai san da ita a ciki ba babu ruwansa. Na kawo shi ne don in roƙi limamanmu, Allah gafarta malam, su ambaci cigiyar nan bayan sallar magariba da ta asuba yau da gobe, ko da kalma biyu ce: duk mai ɗaki a kulle ya je ya buɗe.

'Ya'yan kuwa muna ta fama. Kowane awa uku, dare da rana, uwargida da jikata suna ba su nonon akuya mai ɗumi da aka kaɗa da ɗan gwaiduwar ƙwai, da sirinji marar allura, ɗigo-ɗigo, suna kife a kan cikinsu don kada ya sarƙe su. Bayan kowane ci sai an shafa musu ƙasan ciki da tsumma mai ɗumi, saboda a waɗannan kwanaki ba sa iya fitsari da kashi sai uwa ta lashe su. Ba sa kuma iya riƙe ɗumin jikinsu, sai mun sa kwalbar ruwan zafi naɗe da zane a cikin kwandon. Wannan dabara ce ta tsayar da rai, ba ta kai nonon uwa ba. Ɗan kyanwa mai lafiya yana ƙara kamar giram 10 a kowace rana. Na auna su a sikelin mai shago, uku sun tsaya cak, ƙaramin ya ragu. Saboda haka ga wata cigiyar a cikin cigiya: in akwai gidan da kyanwarsu ta haihu cikin makonni biyu ko uku da suka wuce, a taimaka a sanar da ni. Sau da yawa mai jego tana karɓar 'ya'yan wata idan aka goga musu tsumman da nata ke kwana a kai.

Ni ma ban zauna ba. Ina fita bayan isha da kuma kafin kiran assalatu, lokacin da gari ya yi tsit, da tocila da ɗan kwanon da take ci a ciki ina ƙwanƙwasa shi da cokali, domin wannan ƙarar ta fi sunanta saurin kawo ta. Jikata ta ɗauki kukan 'ya'yan a waya, muna kunnawa a bakin kowace ƙofa a kulle mu kasa kunne. Kukan Tozali a dishe yake, gajere, kamar mai mura. Idan kuka ga dattijo da yarinya tsugune a ƙofar mangazarku cikin dare da kunne a jikin ƙyaure, mu ne, kada a yi mana ihun ɓarayi. Ranka ya daɗe Mai Unguwa, ina neman ka sanar da 'yan sintiri wannan, kuma in da hali ka haɗa ni da mutum ɗaya da za mu bi masu makullan da suka yi tafiya, a nemi izininsu ta waya a buɗe a gaban shaida.

Tukwici jika biyar ne ga wanda ya nuna inda take, a raye ko a mace. In ta mutu ma ina son in sani, don in daina tayar da yarinyar nan da tsakar dare, in kuma san ko akwai guba ko rami da ya kamata a rufe kafin ya ci wata dabbar ko ɗan wani. Gidan ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ya tambayi gidan tsohon malamin dabbobi a lungun za a nuna masa. Akwai bishiyar dogon yaro a ƙofar. Wanda bai sami zuwa ba ya bar saƙo wajen mai shayi ko a zauren Mai Unguwa. A ƙwanƙwasa ko ƙarfe nawa ne, ba ma barci sosai a kwanakin nan.

Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Wassalam,
Maƙwabcinku, tsohon malamin dabbobi,
Birni, Damagaram.